Hoton sikanin Hajiya ya ƙone, takardar bayani kawai ta rage

Nura Badarawa: Assalamu alaikum jama'a. Don Allah akwai wanda ya sauke hoton sikanin mahaifiyata da na turo ranar Talatar makon jiya? Na duba sama ban gan shi ba. Wayar da na ɗauka da ita ta faɗa bokitin wanki, na kai gyara an ce ba za ta tashi ba. Ina roƙon duk wanda yake da shi ya sake turowa, ko Dakta Sa'adatu za ta duba mana ta faɗa mana abin da ke ciki. Hankalin gida duk a tashe yake.

Sani Mai Waya: Wa alaikumus salam. Nura, gurup ɗin nan an saita shi saƙo ya riƙa gogewa bayan kwana 7, yau kuma kwana 9 ke nan. Ya tafi. In an kunna wannan saitin hoto ba ya shiga ma'ajiyar waya da kansa, sai in mutum ya adana shi da hannu. Na duba tawa babu. Amma ai asalin hoton yana hannunka, ka sake ɗauka mana da wata wayar.

Nura Badarawa: Nan ne matsalar, Sani. Na ga takardar ba ta da ƙwari, siririya ce mai santsi kamar rasit ɗin POS, sai na ce bari in kai a yi mata laminatin kada ta lalace. Tana fitowa daga injin ta koma baƙi ƙirin, ko ɗigon fari babu. Yaron shagon ma sai da ya tsorata. Ban faɗa wa Hajiya ba har yanzu.

Anti Laraba: Ayya Nura, sannu. Ba kai kaɗai ba ne, na ga masu juna biyu da yawa sun yi haka da hoton jaririnsu. Takardar nan zafi ne yake rubutu a kanta, ba tawada ba, saboda haka in ta sake haɗuwa da zafi sai ta ƙone gaba ɗaya. Ko a gaban mota ka bar ta cikin ranar nan ta Kaduna haka za ta yi. In kuma ka ajiye ta shekaru, dusashewa take. Fotokwafi ake yi mata, ba laminatin ba. Amma tambaya: ba su haɗa maka da wata takarda mai rubutu ba?

Nura Badarawa: Akwai, Anti. Farar takarda guda, duk Turancin asibiti ne da lambobi. Ni na ɗauka ta biyan kuɗi ce da bayanin abin da suka yi. Tana cikin ambulan.

Dakta Sa'adatu: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sa kaffara ne. Nura ƙanina, ka kwantar da hankalinka, abin da ya ƙone shi ne ƙaramin, babban yana cikin ambulan ɗin nan. Kuma bari in gaya maka gaskiya, na ga hoton ranar da ka turo shi, da gangan na ce maka ka turo rahoton, wataƙila saƙona ya nutse cikin hira. Ko yanzu hoton ya dawo ba zan fassara shi ba. Ba rowar sani ba ce. Aikina ke nan kullum, shi ya sa na san iyakar abin da hoton zai iya faɗa.

Sikanin na ciki ba kamar hoton fasfo ba ne da ake ɗauka sau ɗaya a gama. Mai yin sa yana riƙe da kan na'urar a cikin mara lafiya minti goma ko ashirin, yana zagayawa, yana dannawa, yana cewa ja numfashi ki riƙe, juya ta hagu, kuma duk yana kallon abin yana motsi a allo. A nan ne ake ganin ciwo. Ƴan hotunan da ake bugo maka guda huɗu ko shida, wurare ne da ya tsayar don ya auna wani abu ko ya bar shaida. Abin da idonsa ya gani a sauran mintunan babu inda yake sai a rubutunsa.

Ishaya Barnawa: Dakta, da girmamawa, ni ban gamsu ba. Hoto shi ne shaida, rubutu kuwa ra'ayin mutum ne. Na'ura ba ta ƙarya, mutum yana kuskure. Matata an cire mata mahaifa shekara huɗu da suka wuce, bara muka yi sikanin a wani wuri a nan garin, rahoton ya fito wai mahaifa lafiya lau, har da awonta. Mahaifar da ba ta nan! Ashe tsohon rubutun wata suka kwafa suka canza suna. To a ce in yarda da takarda in bar hoto?

Dakta Sa'adatu: Malam Ishaya, abin da ya same ku yana faruwa, kuma abin kunya ne gare mu masu aikin. Wurare da yawa suna da rubutaccen tsari a kwamfuta wanda komai a ciki lafiya ne, sai a gyara layin da aka ga matsala. In mutum ya yi gaggawa sai ya bar layin da bai kamata ba. Amma ka lura da abu guda: yaya aka yi ka gane kuskuren? Karantawa ka yi. Kai da ba likita ba ka kama shi, saboda rubutu ne. Da hoton kawai aka ba ka, za ka gane an ba ka na wata matar?

Zancen na'ura ba ta ƙarya kuma, a sikanin ba haka yake ba. In ka karkata kan na'urar kaɗan, bangon matsarmama mai lafiya sai ya fito da kauri. Iskar hanji da ke kusa tana iya yin kama da tsakuwa a hoton da aka tsayar. Hoton yana nuna abin da hannun mai aikin ya nuna masa ne.

Ishaya Barnawa: Na ji. Amma ke nan in mai aikin bai iya ba, daga hoton har rubutun duk banza ne.

Dakta Sa'adatu: Haka ne, ban musa ba. In haka ta faru maganinta a sake sikanin a hannun wani, ba a turo hoton a waya ba.

Hajiya Umma Malali: Nura, in tsakuwa ce kada ku bari a taɓa ta da wuƙa. Maigidana ya yi ta, ruwa kawai ya dinga sha, jarka guda a wuni, da lemun tsami, ranar nan ta fito a fitsari muka gan ta da idonmu kamar ƙwayar gero. Ka saya mata ruwa mai yawa.

Anti Laraba: Hajiya Umma, ta Alhaji tsakuwar ƙoda ce, ita ce take bin hanyar fitsari. Ba mu ma san ko tsakuwa ce da Hajiyar su Nura ba, balle a ina take. In ta matsarmama ce ba ruwanta da fitsari, ko tafki mutum ya shanye ba za ta fito ta nan ba. Mu bari mu ga takardar.

Dakta Sa'adatu: Nura, ka turo, amma ka yi abu uku kafin nan. Ka tambayi Hajiya ko ta yarda, jikinta ne, kuma mu fiye da ɗari biyu ne a nan. Ka sa wata takarda ka rufe sunanta da lambar kati da sunan wurin, ka bar shekarunta da kwanan wata. Sannan ka shimfiɗa ta a ƙasa inda akwai haske, ka ɗauke ta gaba ɗaya tun daga sama har wurin sa hannu. Kada ka yanko layin ƙarshe kawai, kada kuma ka kwafe ta da hannu, harafi ɗaya in ya canza ma'ana tana canzawa. Ka kuma rubuto mana me ya kai ku yin sikanin.

Nura Badarawa: Na faɗa mata duka, har zancen ƙonewar. Ta ce ba komai in turo. Ga ta nan.

Shekarunta 61. Wata uku ke nan tana fama da ciwo a saman ciki ta dama, ƙarƙashin haƙarƙari, wani lokaci ya zaga baya har kafaɗa. Ba kullum ba ne. Ya zo sau huɗu da na sani. Wanda ya fi tsanani ranar bikin ƙanwarmu ne, ta ci waina da miyar taushe an zuba man shanu, cikin dare ta tashe mu tana riƙe da ciki, ta yi amai sau biyu, sai wajen asuba ya lafa. Da ma maganin olsa muke saya mata a kemis, ba ya yi. Tana da ciwon suga tana shan ƙwaya. Likitan da ya gan ta ya ce a yi hoto, ya kuma ba mu takardar ganin likitan tiyata a asibitin Barau Dikko, sai mako biyu masu zuwa.

Dakta Sa'adatu: Madalla. Ka ga yanzu akwai abin magana. Zan karanta maka abin da aka rubuta da Hausa. Ba ni na duba Hajiya ba, saboda haka abin da zan yi shi ne in gaya maka me mai sikanin ya ce ya gani, da abin da za ku tambayi likitanku.

Ya ce matsarmama ta cika sosai lokacin da ya duba. Wannan layin yana da amfani, domin ana so mutum ya yi awa 6 zuwa 8 bai ci komai ba kafin a duba ta. In an ci abinci sai ta matse, bangonta ya yi kamar mai kauri, tsakuwa ta ɓuya. Tunda ta cika, awon da ya yi abin dogaro ne.

Ya ce akwai tsakuwoyi da yawa a ciki, babbar milimita 14, wato kusan girman ƙwayar gyaɗa. Ya ƙara kalmomi biyu da nake so ka lura da su: suna jefa inuwa a bayansu, kuma suna motsi. Sautin da na'urar take aikawa ba ya ratsa dutse, shi ya sa bayansa yake yin duhu. Motsin kuwa, sai da ya sa Hajiya ta juya ya ga sun gangaro. Da tsiro ne a jikin bangon, da zai tsaya inda yake, kuma ba ya yin inuwa. Malam Ishaya, ga misali nan: a hoton da aka tsayar ba yadda za a yi in ga abu ya gangara.

Bangon matsarmama milimita 2.5. Har zuwa 3 ana ɗaukarsa daidai. Babu ruwa kewaye da ita. Ya kuma rubuta cewa ya danna daidai kanta Hajiya ba ta ji zafin da zai sa ta ɗauke numfashi ba. Wannan ma hannu ne ya gwada, babu shi a hoto. Waɗannan ukun tare suna nufin ranar da aka duba, matsarmamar ba ta kumbura ba.

Nura Badarawa: Alhamdu lillahi. Ke nan ba komai, Dakta?

Dakta Sa'adatu: Ban ce haka ba. Na ce ranar. Rahoton na kwana 12 da suka wuce ne, bai san abin da ke faruwa yau ba. Kuma akwai layin da ya fi duka muhimmanci a wurina, inda aka rubuta CBD. Bututu ne da yake kai ruwan matsarmama daga hanta zuwa hanji. Ya auna faɗinsa milimita 5, daidai ne, galibi sai ya haura 6 ake fara zargi, ga tsofaffi ma ana ɗan ƙara sassauci. Amma ya ce ƙarshen bututun bai ganu ba saboda iskar hanji ta tare. Na ji daɗin wannan jimlar, domin mai gaskiya ne yake rubuta abin da bai gani ba. A nan ne ƙaramar tsakuwa take maƙalewa in ta gudo daga jakar, kuma sikanin yakan kasa ganinta. Shi ya sa likitan tiyata zai so gwajin jini na hanta. In jinin ya nuna alamar toshewa akwai wani hoton na musamman da ake yi wa bututun da na'urar MRI.

Da hoton ka turo, zan ga baƙin wuri da fararen ɗigo in ce maka kamar tsakuwa. Ba zan taɓa sanin cewa akwai ɓangaren da ba a gani ba.

Anti Laraba: Bari in sa baki nan, domin shekara talatin na yi a ɗakin masu tiyata kafin in yi ritaya. Nura, rubuta wannan ka manna a bango. In ka ga ɗaya daga ciki kada ku jira mako biyun nan, ku tafi sashen gaggawa ko da tsakar dare ne: zazzaɓi ko rawar ɗari tare da ciwon, idonta ya yi rawaya irin na shawara, fitsari ya koma kamar shayi ba madara, bayan gida ya yi fari-fari, ciwon ya wuce awa shida bai sake ta ba, ko amai ya ƙi tsayawa. Ka riƙa duba idon da rana a tsakar gida, ba a hasken ƙwan ɗaki ba, ka ce ta kalli ƙasa ka ɗaga fatar sama. Masu suga kuma ciwo yakan yi nisa a jikinsu ba su ji zafinsa sosai ba, saboda haka in ka ga ta yi laushi ko ta rikice, kada ka ce ai ba ta kuka da ciki.

Dakta Sa'adatu: Anti ta gama magana. Ban da abin ƙarawa.

Malam Isiya Rigasa: Ni tambayata daban. Na ga an rubuta wani abu game da hanta da ƙoda a ƙasa. Yayana haka aka fara ce masa akwai abu a hanta, wata shida bai ƙara ba. Allah ya jiƙansa. Ina ganin wannan ya fi tsakuwar abin tsoro, a daina ɓoye wa yaron nan.

Dakta Sa'adatu: Allah ya jiƙansa da rahama, Malam. Ba abin da nake ɓoyewa, zuwa nake. Abin da aka rubuta shi ne hantar ta fi yadda aka saba haske, alamar kitse ne a cikinta, kuma ya faɗa a fili cewa babu wani ƙullutu. Kitsen hanta ana yawan ganinsa ga masu suga da masu jiki. Abu ne da likitan sugarta zai bi, ba na gaggawa ba ne, ba kuma a watsar da shi. A ƙoda kuma akwai ƴar jakar ruwa santimita 2.1, bangonta siriri, ruwa zalla a ciki, ba tsoka ba rabe-rabe. Irin wannan tana da yawa ga wanda ya haura hamsin, mafi yawa ba a yi mata komai.

Abin da ya sa nake nacewa a kan rubutu ke nan. Kalmar "akwai abu a hanta" tana iya zama kitse, tana iya zama ciwon da ya ɗauki yayanku. Bayanin da ke biye da ita ne yake raba su.

Zainab Unguwar Rimi: Dakta ki gafarce ni, ni ɗalibar koyon aikin jinya ce, ko ni ce ban gane ba. A tsakiyar takardar an ce jakar ruwan a ƙodar dama take, amma a ƙasa wurin taƙaitawa an rubuta ta hagu.

Dakta Sa'adatu: Zainab, Allah ya yi miki albarka. Na koma na duba, gaskiyarki ne, ni ma ya wuce ni. Ɗaya daga ciki kuskure ne.

Ishaya Barnawa: To kun gani! Abin da nake faɗa ke nan. Yanzu da hoton yana nan ai da an duba an ga dama ce ko hagu.

Dakta Sa'adatu: A wannan kam kana da gaskiya, in ya rubuta gefen a jikin hoton, domin yawanci muna sa alamar dama ko hagu a allo kafin mu buga. Ban taɓa cewa hoto ba shi da amfani ba. Amfaninsa yana hannun wanda ya yi aikin da likitan da yake da mara lafiya a gabansa. Nura, ka koma wurin da takardar da rasit, ka nuna musu layukan biyu, ka ce a gyara a sa hannu a kan gyaran. Ka kuma tambaya ko hotunan suna nan cikin na'urar su sake bugo maka. Wasu na'urorin suna ajiyewa, wasu wuraren kuma suna gogewa in ta cika, ko ma ba sa adanawa sam. Ka je da wuri.

Kuskuren bai taɓa zancen matsarmama ba, amma in bayan shekara biyu aka sake sikanin aka ga jaka a dama alhali takarda ta ce hagu, sai a ɗauka sabuwa ce ta fito, a tayar muku da hankali a banza.

Baban Abba: Ni nawa ya saɓa da abin da ake faɗa. Lokacin da bayana ya matsa min na yi MRI, na je asibitin Shika da rahoton kaɗai, likitan ƙashi ya ce ba zai ce komai ba sai ya ga hotunan da idonsa. Sai da na dawo Kaduna na ɗauko faifan. Kuɗin mota biyu. Saboda haka kada mutane su ji wannan hirar su je su zubar da hotunansu.

Dakta Sa'adatu: Na gode da ka kawo wannan, Baban Abba, domin kada a fahimce ni a baibai. CT da MRI daban suke da sikanin. Su na'urar tana yanka jiki ne fala-fala a hoto, ɗaruruwa, ta adana duka, saboda haka wani likitan zai iya buɗe faifan ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya ƙara haske ya rage, ya auna da kansa, kamar yana wurin. Fayilolin da ke cikin faifan ana kiransu DICOM. Wanda zai yi maka aiki dole ya so ganinsu. Duk wanda ya yi irin wannan hoton ya karɓi faifansa, ya kwafe shi a filashi ya ajiye.

Amma wannan ba shi ne mutum ya ɗaga fim a jikin taga ya ɗauka da waya ya turo gurup ba. Fala nawa ka ɗauko cikin ɗaruruwan? Ga hasken taga, ga labule yana fitowa ta baya, sannan WhatsApp ya matse hoton ya zubar da ƙananan bambance-bambancen toka-toka, waɗanda su ne ainihin abin da muke karantawa. An sha turo min fim a juye, dama ta koma hagu. Duk wanda ya kalli irin wannan ya ce maka lafiya lau, ko ya ce kansa ce, caca ya yi da ranka.

Sani Mai Waya: Ƙarin bayani, in za ka tura wa likitanka hoto ka tura shi a matsayin fayil, ba ta wurin hotuna ba, ba ya matsewa. Rahoton kuma ka tura wa kanka a imel, ko waya ta mutu yana nan.

Hajiya Umma Malali: Duk na ji, amma ni dai tiyatar ce ba na so ga mai shekaru. Dakta ki faɗa masa gaskiya, za a yi ko ba za a yi ba?

Dakta Sa'adatu: Hajiya, wannan ba daga waya ake yanke shi ba. Mutane da yawa suna yawo da tsakuwa a matsarmama ba su sani ba, kuma ba a taɓa su. Wadda take kawo ciwo akai-akai ita ce ake yawan ba da shawarar a cire, kuma jakar ake cirewa gaba ɗaya, ba tsakuwar kaɗai ba, mutum yana rayuwarsa ba ita domin hanta ce take yin ruwan. Labarin da Nura ya bayar, na ciwo bayan cin maiƙo da ke zagawa kafaɗa, ya yi kama da na tsakuwar matsarmama. Amma likitan tiyata sai ya taɓa cikin, ya ga jini, ya ga sugarta da zuciyarta, ya tabbatar ba olsa ba ce take fakewa a bayan tsakuwar. Kafin nan ta rage man shanu da soye-soye, kuma kada a ba ta wani haɗin wanke tsakuwa.

Ishaya Barnawa: Ni dai da mahaifiyata ce, wurin da ya rubuta hagu a maimakon dama ba zan sake yarda da sauran awonsa ba. A sake sikanin a wani wuri kawai.

Anti Laraba: Kuɗi ne fa, Ishaya. Kuma mai yiwuwa likitan tiyata ya ce a sake a asibitinsu, ka ga an biya sau uku ke nan. Ni a ganina a jira shi.

Ishaya Barnawa: In ya ce ba sai an sake ba fa, Anti? Shi ke nan an dogara da takarda mai kuskure.

Dakta Sa'adatu: Kowannenku yana da hujja. Ni rahoton ya yi min kama da na wanda ya duba da kyau ya yi tuntuɓe wurin bugawa, amma daga nan ba zan iya rantsuwa ba. Nura ya nuna wa likitan kuskuren da bakinsa, shi ya zaɓa.

Nura Badarawa: Jama'a na dawo daga wurin. Hotunan babu, sun ce na'urar ba ta riƙe na fiye da mako guda. Amma wanda ya yi sikanin yana nan, ya buɗe wani littafi da yake rubuta awo da biro kafin a buga, ya nuna min, dama ce. Ya ba da haƙuri, an sake bugawa ya sa hannu da hatimi. Na yi fotokwafi uku, na tura wa kaina a imel yadda Sani ya ce. Na duba idon Hajiya a tsakar gida da azahar, fari ne. Sai dai Yaya Babba ya kira daga Legas ya ce shi bai yarda a yi mata aiki ba ko me likita zai ce, ita ma jikinta ya yi sanyi.

Anti Laraba: Ku bari a ga likitan tukuna, ba a kai nan ba. Ranar ka kira Yayan naku a waya ya ji da kunnensa. Takardar gwajin jinin fa, an ba ku?

Nura Badarawa: A'a Anti, hoto kawai aka rubuta mana.

Dakta Sa'adatu: To gobe ka koma wurin likitan da ya fara ganinta da sabon rahoton, ka nuna masa layin bututun, ka tambaye shi ko zai rubuta gwajin hanta da na suga yanzu, don ku shiga wurin likitan tiyata da sakamakon a hannu. Ka tafi da kwalayen duk magungunan da take sha, har na olsar da kuke saya a kemis.

Nura Badarawa: In sha Allahu da sassafe. Zainab, Hajiya ta ce a gaishe ki, ta sa miki albarka.